Neman gyara a kan jawabin sayen kayan tsafta a sari da rabon kuɗinsa

Malama Hauwa: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. An ɗora mini nauyin yin jawabi na minti goma a taron ƙungiyarmu ta gama kai, a kan yadda za mu riƙa haɗa kuɗi muna sayen kayan tsafta a sari, wato sabulun ruwa da garin sabulun wanki da bilic, sannan mu raba a tsakaninmu. Abin da na tsara zan faɗa shi ne, babbar jarka ta fi ƙananan kwalabe araha, saboda haka sai mu sayi jarka mai lita 25, mu raba kuɗinta gida 25, kowace mace ta biya gwargwadon litar da ta ɗauka, kuɗin mota kuma a raba shi daidai a kan duk wadda ta shiga. Ina roƙon waɗanda suka taɓa yin wannan aiki su duba mini kafin in tsaya a gaban mutane, domin ba na so in faɗi abin da zai jawo rigima daga baya.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam, Malama. Na riƙe littafin ma'aji na irin wannan saye na tsawon lokaci, kuma zan gaya miki gaskiya cewa lissafin da kika kawo shi ne wanda kowa yake farawa da shi, shi ne kuma yake cinye kuɗin ma'aji ba tare da ta san inda ya shiga ba. Matsalar farko ita ce, jarkar da aka rubuta wa lita 25 ba ta ba ku lita 25 a cikin kwalabenku. Sabulun ruwa yana da kauri, yana maƙalewa a jikin jarka da mazurari da kofin awo, yana yin kumfa idan ana zuba shi, wani kuma ya ɗiga a ƙasa. Idan mai rabon tana da hankali da haƙuri, za ki iya samun lita 24 da ɗan wani abu, amma ni da 24 nake lissafi.

Bari in ba ki misali da lambobi marasa sunan kuɗi, tunda farashi kullum canzawa yake yi. Mu ƙaddara jarkar 200 ce, mota da dako sun ci 25, kwalabe da takardar manna suna da ɗan ladan mai rabo sun ci 15. Abin da ya fita daga hannun ƙungiya ke nan 240. Idan kika raba 240 a kan lita 24 da kuka samu da gaske, kowace lita ta tashi a kan 10. Idan kuwa kika bi hanyar raba 200 gida 25, lita za ta tashi a kan 8, ki tara 192 daga lita 24, ki tashi da giɓin 48, wanda shi ne kashi ɗaya cikin biyar na duk abin da aka kashe. Ko da kin karɓi kuɗin mota daban, sauran giɓin yana nan, kuma a kan wadda ta riƙe kuɗi yake faɗawa. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya zama rabin jawabinki.

Malama Hauwa: Na gode, Hajiya. Amma idan lita ta koma 10 maimakon 8, ina tsoron mata za su ce to mene ne amfanin wahalar.

Hajiya Rabi: Gara su faɗi haka a ranar jawabi da su faɗa a ranar rabo. Ki kwatanta musu da abin da suke biya yanzu. Idan ƙaramar kwalba ta lita ɗaya tana kan 12, mai lissafin 8 za ta yi musu alkawarin ragin kashi ɗaya cikin uku, alhali ragin gaskiya kashi ɗaya cikin shida ne. Kashi ɗaya cikin shida ba ƙaramin abu ba ne ga gidan da yake wanki kullum, kuma shi ne wanda za ki iya cikawa. Akwai ma kayan da idan kika yi wannan lissafi za ki ga babu wani rangwame da ya rage bayan mota da asarar zuba, irin waɗannan sai ku bar kowa ta saya da kanta.

Maman Sadiq: Ni a ganina, Malama, abin da ya kamata ki fi ba wa ƙarfi shi ne riba. Idan lita ta tsaya a kan 10, sai mu sayar wa maƙwabta a kan 11 da rabi, tunda har yanzu ya fi musu araha, ribar kuma ta shiga asusun ƙungiya. Kuma me ya sa ma za mu sayi haɗaɗɗen sabulu, alhali akwai masu koyar da yadda ake haɗa shi a gida?

Anti Binta: Maman Sadiq, wannan wata magana ce daban. Abin da aka ɗora wa Malama shi ne saye domin amfanin gidajenmu da rabon kuɗinsa. Sayarwa ga mutanen waje tana buƙatar jari da mai zaman jiran kaya da wanda zai ɗauki asara idan bai tafi ba, kuma idan aka cusa ta cikin minti goma babu wadda za ta fita da lissafin rabon a kanta.

Abin da nake so in taɓa shi ne kuɗin mota. Ni ina tare da Malama a kan a raba shi daidai. Mota ɗaya aka ɗauka, tafiya ɗaya aka yi, kuma dukkanmu aka yi wa ita. Wannan shi ne adalcin da kowa za ta gane ba tare da dogon lissafi ba.

Hajiya Rabi: Anti Binta, rabon daidai yana da sauƙin ganewa, amma ki duba wadda yake ƙwara. Mu ci gaba da misalin nan. A ce mata takwas ne suka raba lita 24: ɗaya ta ɗauki 8, ɗaya 4, biyu sun ɗauki uku-uku, biyu bibbiyu, biyu kuma lita ɗai-ɗai. Kuɗin da ba na sabulun kansa ba 40 ne, idan aka raba shi a kan mutum takwas kowace za ta biya 5. Sabulun kansa, 200 a kan lita 24, ya ɗan haura 8 a kowace lita. Mai lita ɗaya ke nan za ta biya abin da ya haura 13, alhali da ta je ta sayi ƙaramar kwalba 12 za ta biya. Mai lita 8 kuwa litarta ba ta ma kai 9 cif ba. Wadda take ɗaukar lita ɗaya yawanci ita ce mai ƙaramin ƙarfi a cikinmu, sai ya zama ita take tallafa wa mai hali, kuma da zarar ta gane hakan ba za ta sake shiga ba, ba kuma lallai ne ta faɗi dalili ba. Alamar da za ki gane wannan yana faruwa ita ce, masu ƙananan oda su riƙa raguwa zagaye bayan zagaye, manya kuma suna nan. Saboda haka ni na fi son a zuba duk kuɗin cikin farashin lita, kowa ta biya 10 a kan kowace litar da ta ɗauka.

Anti Binta: Na ga lissafin, Hajiya, kuma na yarda a kan mota. Sai dai ban yarda da shi gaba ɗaya ba. Ba domin mai lita 8 ba, da jarkar ba ta cika ba, da kuma masu lita ɗai-ɗai ba su ga farashin sari ba ko kaɗan. Bayan haka, wahalar auna wa mai lita ɗaya da rubuta sunanta da bin ta karɓar kuɗi ɗaya ce da ta mai lita 8. Idan duk aka ɗora a kan lita, mai yawa ce take biyan kaso mafi girma na ladan aikin da aka yi wa kowa.

Hajiya Rabi: Wannan gaskiya ce, kuma akwai ƙungiyoyin da suke raba abin gida biyu saboda ita. Abin da yake ƙaruwa da yawan kaya, kamar mota da dako da asarar zuba, a ɗora shi a kan lita. Abin da yake na mutum ne, kamar kwalbarta da takardar sunanta, ta biya da kanta ko ta zo da tata. Ladan mai rabo ne yake tsakiya, kuma ban taɓa ganin an warware shi yadda kowa ta gamsu ba. Abin da kawai zan ce shi ne, duk hanyar da kuka zaɓa, ku gwada ta a kan mai mafi ƙarancin oda, idan abin da za ta biya ya kai na kanti ko ya wuce, to hanyar ba ta yi ba.

Zainab: Iyayena, ku ba ni dama in faɗi abin da ya same ni, ko zai yi wa Malama amfani. A wata ƙungiya da nake ciki a baya, ni aka aika sayayya, kuma da yake wasu sun ce za su biya idan kaya sun iso, sai na cika da kuɗina. Mun sayo jarka biyu, amma da aka zo rabo mutum uku suka ce sun fasa, ɗaya kuma ta ce ita lita biyu take so ba huɗun da ta faɗa ba. Na tashi da lita 11 a ɗakina, kuɗina kuma ya maƙale wata da watanni. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, da na nemi a raba asarar, sai aka ce ai ni kayan suke hannuna, in sayar mana. Tun daga ranar na daina karɓar oda da baki.

Hajiya Rabi: Sannu, 'yata, kin biya kuɗin makaranta a madadin mu duka. Malama, ki sa wannan a jawabinki ba tare da ambaton kowa ba. Oda ba ta zama oda sai an rubuta ta kuma kuɗinta ya shiga hannun ma'aji kafin ranar tafiya. Tunda ba a san ainihin farashin lita sai an dawo an auna, ana karɓar kuɗi ne a kan kintace wanda ya ɗan haura, misali 11 a inda ake sa ran 10, bayan rabo kuma a mayar wa kowa canjinta a gaban jama'a, ko a rubuta mata shi a zagaye na gaba idan ta yarda. Mayar da canji ya fi bin mutane neman ciko sauƙi nesa ba kusa ba. Sannan ba a sayen jarkar da oda ba ta cika ta ba. Idan odar ta tsaya a lita 19, ko dai a jira ta cika, ko ƙungiya ta yanke a zama cewa asusunta ne zai sayi ragowar biyar ɗin, a rubuta su da sunan ƙungiya, a sayar wa 'yan ƙungiya a kan farashin da kowa ta biya.

Maman Sadiq: To ni dabarar da na sani a kan ragowa da giɓi mai sauƙi ce. Sabulun da yake da kauri sosai ai mai ƙarfi ne, sai a ƙara masa ruwa lita ɗaya ko biyu kafin rabo, ya cike abin da ya maƙale a jarka. Bilic ma haka, tunda dama ba a amfani da shi sai an sirka.

Malama Asabe: Maman Sadiq, ki yi haƙuri in tsoma baki a nan, domin na yi aikin kula da tsafta a wurin kwanciyar marasa lafiya, kuma wannan ɓangaren na san shi. Kaurin sabulun ruwa ba shi ne ƙarfinsa ba. Masu haɗa shi suna iya ƙara masa kauri da gishiri kawai, ba tare da sun ƙara sinadarin da yake wanke maiƙo ba, saboda haka sabulu mai kauri zai iya zama mai rauni. Ƙara ruwa kafin rabo kuwa ba ya cike giɓi, ɓoye shi yake yi, domin kowa za ta biya kuɗin sabulu ta karɓi ruwa a ciki, kuma sabulun da aka sirka da ruwan gida aka ajiye yana saurin lalacewa ya canza wari. Idan kuna so ku gwada sabulun dila kafin ku sayi jarka, ku sayi kaɗan, mutum biyu ko uku su auna cokali ɗaya a ruwa daidai wa daida, su ga kwano nawa masu maiƙo ya wanke idan aka kwatanta da wanda suka saba.

Kin yi daidai cewa bilic sai an sirka shi, amma a lokacin da za a yi amfani da shi ake sirkawa, domin sirkakken bilic yana saurin rasa ƙarfi, shi ya sa a wurin aiki kullum sabo muke haɗawa. Ko wanda ba a sirka ba yana raguwa a hankali cikin watanni, zafi da hasken rana kuma suna gaggauta hakan. Wannan ne ya sa nake ganin bilic shi ne kayan da sari ya fi yaudarar mutane a kansa. Idan kika ɗauki abin da zai yi miki shekara saboda araha, rabin ƙarshe zai zama mai rauni ne kika biya wa kuɗin mai ƙarfi. Ku sayi abin da zai ƙare cikin 'yan watanni, ku duba ranar da aka yi shi a jikin jarka, ku kuma ƙi wadda aka jera a rana.

Malama Hauwa: Malama Asabe, na ga wasu jarkokin an rubuta kashi 3.5 cikin ɗari, wasu kuma kashi 5. Yaya zan bayyana bambancin a taƙaice?

Malama Asabe: Wannan lambar ita ce yawan sinadarin kulorin da yake ciki, kuma ita kuke saye a haƙiƙa. Idan ana son ruwan goge ƙasa da bayi mai ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari, lita ɗaya ta mai kashi 5 tana ɗaukar ruwa lita 49, ta ba ki lita 50. Lita ɗaya ta mai kashi 3.5 kuwa ruwa lita 34 take ɗauka, ta ba ki 35. Saboda haka idan mai 3.5 tana kan 7, mai 5 kuma tana kan 10, farashinsu ɗaya ne, idan kuma mai 5 ɗin tana kan 9, ita ce mai araha duk da cewa kuɗinta ya fi yawa a ido. Jarkar da ba a rubuta mata kashi ba kwata-kwata, ni ba zan sa kuɗin mutane a kanta ba.

Abu ɗaya kuma da nake roƙo kada ki bari lokaci ya hana ki faɗa shi ne maganar kwalabe. Kada a zuba bilic ko wani kayan tsafta a robar ruwan sha ko ta lemo, domin yaro ba ya karanta takarda, siffar roba yake gani. A zuba shi a roba mai duhu mai murfi, a rubuta sunansa da kashinsa da ranar rabo. Mazurari da kofin awo na bilic su zama nasa shi kaɗai, domin idan ya haɗu da ruwan wanke masai mai asid yana fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi, haka kuma idan ya haɗu da mai amoniya yana fitar da wata iska mai cutarwa. A yi rabon a fili inda iska take kaɗawa. Jarkar da ta ƙare kuma kada wadda ta samu ta mayar da ita ta ruwan sha.

Zainab: Maganar jarkar da ta ƙare ma ta taɓa haɗa mu faɗa, domin tana da kuɗi, kuma kowa tana ganin ita ta fi cancanta.

Hajiya Rabi: Kayan ƙungiya ce, tunda kuɗinta yana cikin 200 ɗin da kowa ta biya. Ko a sayar wa mai so a cire kuɗin daga jimillar kafin a fitar da farashin lita, ko a ajiye ta idan dilan yana karɓar tsohuwa ya cika. Garin sabulu ne ban taɓo maganarsa ba. Shi da sikeli ake raba shi, domin kwano yana ƙarya: garin saman buhu a sake yake, na ƙasa ya danne, idan kuma ya sha danshi sai ya dunƙule, kwano biyu masu kama ɗaya su bambanta a nauyi. A ɗora buhun a sikeli tun a wurin saye, a cire nauyin leda ko bokitin da ake aunawa a ciki, a ƙulla duk kason a jera su, wadda ta auna kuma ta zama ta ƙarshen ɗauka. Idan mota ɗaya ta ɗauko jarka mai lita 25 da buhu mai kilo 25, nauyinsu kusan ɗaya ne, sai a raba kuɗin motar biyu a tsakaninsu ko da ɗaya ya fi ɗaya tsada.

Anti Binta: Har yanzu ladan mai rabo yana damuna. A ganina aikin ƙungiya ne, a riƙa yin sa bi da bi, babu biyan kowa, sai a huta da gardamar wa zai biya.

Zainab: Anti, da girmamawa, bi da bi a baki yake da daɗi. Mutum biyu ko uku ne suke iya lissafi da ciniki, kuma su ake ta aikawa. Yini guda ne yake tafiya tsakanin saye da awo da wanke wuri. Idan ba za a biya da kuɗi ba, a ba ta lita ɗaya, amma a rubuta ta a lissafi, wato a raba kuɗin a kan 23.

Malama Hauwa: Allah Ya saka muku da alheri. Na sake tsara jawabin. Zan fara da misalin Hajiya a kan allo, 240 a kan lita 24, in nuna abin da rabon daidai yake yi wa mai lita ɗaya, in faɗi ƙa'idar biya kafin tafiya, in rufe da gargaɗin Malama Asabe a kan bilic da kwalabe. Zan kuma ba da shawarar mu fara da sabulun ruwa jarka ɗaya kawai, mu auna abin da ya fita da gaske kafin mu taɓa sauran kayan. Maganar lada zan kai ta gaban taro a yi ƙuri'a. Hajiya, idan aka zaɓi shawarar Zainab, kuɗin lada zai fita daga cikin 15 ɗin nan ke nan?

Hajiya Rabi: Ƙwarai, dole ya fita, in ba haka ba an biya ta sau biyu. Idan ladan 10 ne a cikin 15 ɗin, jimilla ta koma 230, a raba a kan lita 23, lita ta sake tashi a kan 10. Ki tafi da kofin awo mai layin lita ki nuna musu shi a hannu, ku kuma amince a ranar cewa da shi kaɗai za a riƙa auna wa kowa.